Layi Uku a Saman CV: Me Zan Rubuta Alhali Ban Taɓa Aikin Albashi Ba?

Assalamu alaikum, Anti. Wata biyar ke nan da na kammala digiri a fannin tattalin arziki. Na ga sanarwar gurbin mataimakin jami'in tattara bayanai a wata ƙungiya. Suna son wanda ya iya Excel, ya iya tattara bayanai da rubuta rahoton wata-wata, kuma sun ce a sa taƙaitaccen bayanin kai na layi uku a saman CV. Ni kuwa ban taɓa yin aikin da aka biya ni ba. Abin da na yi bai wuce uku ba: binciken kammala karatuna, inda na yi wa masu ƙananan sana'o'i 180 tambayoyi kan yadda suke ajiyar kuɗi, na shigar da amsoshin a Excel, sai wata uku na sanin makamar aiki a sashen kuɗi na wani kamfani, ba tare da biya ba, sai riƙe muƙamin ma'aji na shekara ɗaya a ƙungiyar ɗaliban sashenmu, mu kusan 300. Ga abin da na rubuta, amma bai kwanta mini ba: "Ni matashiya ce mai ƙwazo da riƙon amana, mai son koyon sabon abu. Ko da yake ba ni da gogewar aiki, ina neman wurin da zan bunƙasa basirata in kuma ba da gudunmawata." Don Allah ki duba mini.

Ƙanwarki

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Ina taya ki murnar kammala karatu, Allah ya sa wa digirin albarka.

Kafin mu taɓa ko kalma ɗaya, ki sa wanda zai karanta layukan nan a ranki. Mutum ne da takardu suka taru a gabansa, na gurbi ɗaya tak, kuma a zagayen farko ba karatu yake yi ba, rarrabewa yake yi: wannan a sake dubawa, wannan a ajiye gefe. Kamfanin Ladders ya taɓa bin motsin idon masu ɗaukar ma'aikata a 2018, ya samu cewa kallon farko da suke yi wa takarda, a matsakaici, daƙiƙa 7.4 ne. Kada ki ɗauki adadin a matsayin doka, domin wanda takardarsa ta tsallake wannan kallo ana komawa a karanta ta a tsanake. Abin da yake nuna mana shi ne saman shafin ne ke yanke hukuncin ko za a koma ɗin. Tambayar da ke ran mai karatun kuma ba ita ce "an taɓa biyan wannan yarinya?" ba. Tambayarsa ita ce, idan na ba ta jerin bayanai ranar Litinin, za ta iya kawo mini su a tsare ranar Alhamis? Albashin baya hanya ce kawai da yake bi ya yi hasashen amsar. Idan kika ba shi wata hujjar da za ta amsa masa, ta wadatar, musamman a gurbin mataimaki, wanda dama an san sababbin hannu ne za su nema.

Abin da ya hana rubutunki kwanta miki, hankalinki ne yake gaya miki gaskiya. Ki gwada wannan: ɗauki layukan, ki yi tunanin kowane ɗaya daga cikin waɗanda kuka gama tare ya sa sunansa a kai. Akwai wanda za a ce ya yi ƙarya? Babu. Duk wanda ya nemi aiki mai ƙwazo ne a bakinsa, kuma babu wanda zai rubuta cewa shi maci amana ne. Siffar da kowa zai iya ba kansa ba ta rarrabe kowa da kowa, don haka idon mai karatu yake tsallake ta kamar ba a rubuta ba. Gani ya kori ji: mutumin da ya karanta cewa kin riƙe asusun mutum 300 shekara guda, shi da kansa zai ce kina da amana, kuma zai fi yarda da abin da ya gano da kansa.

Sai wannan jimla mai farawa da "ko da yake". Ki share ta gaba ɗaya, kada ki nemi sassauta ta. Shekarar da kika gama karatu tana cikin takardar, zai gan ta, ba ki ɓoye komai ba. Amma ba dole ba ne ki ɗauki kashi ɗaya cikin uku na wuri mafi tsada a shafin ki rubuta dalilin da zai sa a ajiye ki gefe. Ƙarshen rubutun naki kuma ya karkata ga abin da wurin aikin zai yi miki. Wannan tsohon salo ne na bayyana buri, wanda aka daɗe ana sa shi a saman takarda, kuma ya ja baya ne saboda mai ɗaukar aiki ya riga ya san kina son aikin, tunda ga takardarki a hannunsa. Abin da bai sani ba shi ne me zai samu.

Yanzu ga aikin kansa. Kada ki fara da rubuta layukan. Su ne na farko a shafi, amma su ake rubutawa a ƙarshe.

Ki buɗe sanarwar, ki ɗauki biro, ki ja layi a ƙarƙashin duk abin da aka ce mai gurbin zai riƙa yi da hannunsa, ki bar kalmomin ado irin su jajircewa da haɗin kai. A taki, uku ne suka fito fili: Excel, tattara bayanai, rahoton wata-wata. Ki rubuta su a gefen dama na farar takarda. A gefen hagu ki rubuta abubuwan da kika yi, sannan ki ja kibiya daga kowane aiki zuwa buƙatar da ya amsa. Za ki ga bincikenki ya aika kibiya zuwa duka ukun. Zaman kamfani wataƙila ya aika ɗaya. Ma'ajin ƙungiya zai aika ɗaya zuwa rahoto, idan kina karanta wa 'yan ƙungiya abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda ya fi yawan kibiya shi ne zai hau layi na biyu, ba wanda ya fi kama da aikin ofis ba. Na faɗi haka ne don na san zuciyarki za ta ja ki ga zaman kamfanin, saboda yana da suna da hatimi. Amma ga wannan gurbi, binciken ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin a nan yawancin sababbin masu digiri suke yin asara. Sukan ce "furojet ne kawai", su wuce. Ki zauna ki tuna abin da hannunki ya yi a cikinsa, mataki bayan mataki. Wa ya tsara tambayoyin? Ta yaya kika zaɓi waɗanda za ki tambaya? A takarda kika cike amsoshin, ko a waya da manhaja irin su Google Forms ko KoboToolbox? Da kika zo shigarwa, me kika yi da takardar da aka cike rabi, ko wadda mutum ya zaɓi amsa biyu a inda ake son ɗaya, ko wanda kika tarar kin shigar da shi sau biyu? Na tabbata kin ci karo da irin waɗannan, domin babu wanda zai tambayi mutum 180 bai ci karo da su ba. Daren da kika kwana kina bin layi bayan layi a kwamfuta, kina mayar da "mace" da "Mace" da "F" su zama abu ɗaya don lissafin ya fito daidai, wannan shi ake kira tace bayanai, kuma shi ne babban kason aikin da kike nema. Kin riga kin yi shi, sunansa ne ba ki sa masa ba.

Haka za ki yi wa sauran biyun. A kamfani, me aka miƙa miki? Idan rasitai kike shigarwa, kusan nawa a mako? Idan kin taya daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin banki a ƙarshen wata, ki rubuta shi, wannan aiki ne mai suna. Idan kuwa gaskiyar magana zama kike yi kina kallo, ana aiken ki da fayil daga wannan tebur zuwa wancan, to ki bar shi a cikin jikin takardar da kwanakinsa, kada ki hau da shi sama. Ba laifinki ba ne, haka wasu wuraren suke yi wa masu koyon aiki, amma ba shi da abin da zai ba layukan nan.

Da kayan nan a gabanki, layi na farko ba zai ba ki wuya ba. Aikinsa ya faɗi ko ke wace ce a fagen aiki: fanninki, da abu ɗaya ko biyu da kika iya waɗanda gurbin ke nema.

"Mai digirin tattalin arziki, da horo kan tattara bayanai da tsara su a Excel."

Ki lura ban kira ki jami'ar bayanai ko ƙwararriyar mai nazari ba. Muƙamin da ba a taɓa ba ki ba, kada ki ba kanki shi, domin mai karatu zai gangara ƙasa neman inda kika riƙe shi, idan bai gani ba sai ya fara shakkar sauran. Kalmar "horo" gaskiya ce, kuma ta isa. Sunan jami'a da shekarar gamawa suna da wurinsu a sashen karatu, ba sai sun ci wuri a nan ba. Matakin sakamako kuma, ki sa shi idan yana cikin na sama ko idan sanarwar ta gindaya shi a matsayin sharaɗi. In ba haka ba ki bar shi a ƙasa. Shekarunki, ko kina da aure, da inda kika fito, babu ruwan layukan nan da su.

Layi na biyu shi ne hujja, kuma shi kaɗai ne babu wanda zai iya ara daga wurinki. Gininsa abu uku ne: aikin da kika yi, girmansa da lamba, da abin da ya fito daga ciki.

"A binciken kammala digiri na tattara bayanan masu ƙananan sana'o'i 180, na tace su, na rubuta rahoto a kansu."

Kalmomin aikin su ne ƙarfinsa: na tattara, na tace, na rubuta. Ki kwatanta da "na samu damar shiga cikin bincike" ko "na taimaka wajen tattara bayanai". Waɗannan suna nuna kina wurin, ba sa nuna abin da kika yi. Lambar kuma tana yin aiki biyu. Tana nuna girman abin, don tambayar mutum goma daban take da tambayar mutum 180, sannan ido yakan tsaya a kan lamba idan yana gudu a kan rubutu. Shi ya sa za ki rubuta ta da alƙaluma, ba da kalmomi ba. Na kuma bar "a binciken kammala digiri" da gangan. Wasu sukan cire irin wannan don abin ya yi kama da aikin ofis, amma wannan rufa-rufa ce da ba ta da amfani. Mai karatu ba ya raina binciken ɗalibi, abin da yake raina shi ne ya gano an so a ruɗe shi.

Wani abu game da lambar. Idan 180 ɗin adadin takardun da kika raba ne, amma waɗanda suka dawo a cike suka shiga lissafi, mu ce, 162 ne, to 162 za ki rubuta. Ki buɗe babin da kika bayyana hanyar bincikenki ki ɗauko adadin da ke ciki, don wata rana za a iya cewa ki turo kundin. Idan kuma binciken na haɗin gwiwa ne, ku huɗu kuka yi, ki faɗi kasonki: "cikin ƙungiyar mutum huɗu, ni na riƙe shigar da bayanai da tace su." Wannan bai rage miki komai ba, ya ma nuna kin iya aiki da mutane ba tare da kin rubuta cewa kin iya ba.

Za ki so ki cusa ma'ajin a wannan layi, ki ƙara da zaman kamfani. Ki daure. Hujja ɗaya da aka faɗa sosai ta fi uku da aka ambata a gurguje, kuma sauran suna nan a ƙasa suna jiran wanda layukan suka ja hankalinsa.

Layi na uku yana haɗa ki da gurbin. Yana ambaton sunan aikin kamar yadda suka rubuta shi, da abin da za ki ɗauke musu.

"Ina neman gurbin mataimakiyar jami'in tattara bayanai, don riƙe shigar da bayanai da rahoton wata-wata."

Ya yi kama da abin da kika rubuta tun farko ta wajen "ina neman", amma alƙiblarsa ta juya: yanzu maganar nauyin da za ki sauke musu ake yi. Ki guji manyan alkawura a nan, irin su kawo sauyi ko ɗaga darajar ƙungiya. Mataimaki suke nema, kuma mataimakin da ya san iyakar aikinsa ya fi kwantar da hankali.

Idan kika haɗa ukun, ba su kai kalma hamsin ba, kuma ma'aunin ke nan. A takardar A4 mai gefe daidai, da girman rubutu 11, layi ɗaya yakan ɗauki kalma goma sha huɗu zuwa sha shida, wato layi uku kalma arba'in zuwa hamsin ne. Ba dole kowace jimla ta ƙare a ƙarshen layi ba, sakin layi ɗaya ne, abin da ake so kada ya gangara na huɗu. Idan ya gangara, ki rage kalmomi, kada ki ƙanƙanta rubutun ko ki matse gefen takarda. Waɗanda za su fara fita su ne irin "sosai", "daban-daban", "da sauransu", sai duk wata siffa da ta tsaya ba hujja a bayanta. Tunda sun faɗi adadin layin da bakinsu, kiyaye shi ma gwaji ne, ballantana a aikin da ginshiƙinsa bin ƙa'ida wajen cike bayanai.

Na rubuta misalan da Hausa don mu ga ginin a fili. Ke za ki rubuta da harshen da aka yi sanarwar da shi, kuma a harsuna irin su Ingilishi al'adar wannan rubutu ita ce a jefar da "ni" da "na", a fara jimla da kalmar aikin kai tsaye. Abin da za ki guje wa ta kowane hali shi ne ambaton kanki da suna kamar wani ne yake ba da labarinki. Kan sashen kuma ki sa masa sunan da suka yi amfani da shi, ko Professional Summary ne ko Profile.

Yanzu a ce gobe kin ga gurbin mataimakin akanta. Ke ce dai, ayyukanki ukun ne dai, amma kibiyoyin za su sauya wuri, binciken ya sauka, ma'ajin da zaman kamfani su hau:

"Mai digirin tattalin arziki, da wata uku na sanin makamar aiki a sashen kuɗi na kamfani. Na riƙe asusun ƙungiyar ɗalibai kusan 300 shekara ɗaya, ina rubuta shiga da fitar kuɗi, ina gabatar da rahoto. Ina neman gurbin mataimakiyar akanta, don riƙe shigar da rasitai da daidaita lissafi."

Ki tabbatar kowace gaɓa a ciki haka ta faru kafin ki ɗauka. Abin da nake so ki gani shi ne babu taƙaitawa ɗaya da za ta yi wa kowane gurbi. Ba sai kin sake gina takardar duka ba, amma layukan nan uku ana sake su duk lokacin da za a tura, kuma idan kin riga kin tono kayanki kamar yadda muka yi a sama, aikin 'yan mintoci ne. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mantawa da sunan gurbin baya a layi na uku, a tura wa masu neman akanta takardar da ke cewa ana neman aikin tattara bayanai. Ki mayar da shi al'ada: layi na uku shi ne abu na ƙarshe da za ki duba kafin ki danna turawa.

Sai maganar Excel, wadda nake so ki ɗauke ta da muhimmanci, don ita ce kalmar da za a fi gwada ki a kai. Kowa yana rubuta ta, daga wanda ya iya buɗe shafi ya cike gidaje zuwa wanda yake sarrafa layi dubu goma. A gurbi irin wannan ba abin mamaki ba ne a zaunar da ke gaban kwamfuta a ba ki jerin bayanai a ce ki fitar da amsa. Ki gwada kanki tun yanzu da fayil ɗin bincikenki. Za ki iya jera bayanan ki kuma ware wani rukuni da Sort da Filter? Za ki iya fitar da waɗanda suka maimaitu da Remove Duplicates? Za ki iya ƙirga mata nawa ne da COUNTIF, ki ɗauko bayani daga wani shafi da VLOOKUP, ki taƙaita amsoshin duka a PivotTable? Idan kin iya, ki ambaci ɗaya ko biyu da sunansu a layi na farko, don "Excel, har da PivotTable da VLOOKUP" ya fi "ƙwarewa a Excel" faɗin gaskiya. Idan ba ki iya ba tukuna, ki bar layin yadda na rubuta shi, ki zauna ki koye su a kan bayananki na gaske, sannan ki ƙara. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan tsawonsa bai wuce daga takarda zuwa ɗakin intabiyu ba. Ki ɗauka cewa kowace kalma a layukan nan tambaya ce da kika ba su izinin yi miki. Idan kika ce kin tace bayanai, za a ce ki ba da misalin matsalar da kika tarar da yadda kika warware ta. Kalmar da ba za ki iya yin magana a kanta na minti biyu ba, ki cire ta.

Akwai kuma manhajar da manyan ma'aikatu da ƙungiyoyi da yawa suke karɓar takardu da ita, wadda ake taƙaita sunanta da ATS. Tana zare rubutun takardarki ta adana, sai mai tantancewa ya riƙa bincikawa da kalmomi. Wannan ne ya sa na ce ki ɗauki kalmomin sanarwar yadda suke: idan sun ce "tattara bayanai", kada ki canza zuwa wata kalma mai ma'ana ɗaya don ado. Amma kada tsoron manhajar ya sa ki jera kalmomi barkatai ba jimla, domin a ƙarshe mutum ne zai karanta. Abin da za ki kiyaye kawai shi ne layukan su zama rubutu na yau da kullum a jikin shafi, ƙarƙashin sunanki da lambar waya da imel. Kada ki sa su a cikin hoto, ko akwatin rubutu, ko can saman shafi a wurin da Word ke kira Header, don wasu manhajojin ba sa karanta waɗannan wurare da kyau. Bayan kin mayar da takardar PDF, ki buɗe ta, ki kwafi layukan ki liƙa a wani wuri. Idan sun fito daidai, manhaja ma za ta iya karanta su. Ki kuma sake ƙirga layin a PDF ɗin, don wani lokaci kalma ɗaya takan zame ta buɗe layi na huɗu.

Duk abin da kika faɗa a sama dole a same shi a ƙasa da cikakken bayani. Ki buɗe sashe ki sa masa suna irin "Ayyuka da gogewa", ki jera binciken, zaman kamfani da ma'ajin, kowanne da watan farawa da na gamawa da layi biyu ko uku na abin da kika yi. Ki kira kowanne da sunansa na gaskiya: sanin makamar aiki, aikin sa-kai, binciken kammala karatu. Ba a buƙatar ki rubuta "ba a biya ni ba" a gaban kowanne, sunan ya riga ya faɗa. Lambobin sama da na ƙasa kuma su zo ɗaya. Wanda yake neman mai kula da bayanai, idan ya ga 180 a sama ya ga 175 a ƙasa, ya gama yanke shawara. Ki kuma nemi izinin malamin da ya duba bincikenki da wanda kika yi aiki a ƙarƙashinsa a kamfani, don su ne za su shaida abin da layi na biyu ya faɗa idan aka tuntuɓe su.

Kafin ki tura, ki sami wani wanda bai san fanninki ba, ki nuna masa layukan na ɗan lokaci kaɗan, ki rufe, ki yi masa tambaya uku: me na karanta, me na taɓa yi, wane aiki nake nema? Idan ya amsa duka, sun yi. Idan abin da ya iya tunawa shi ne "kin ce kina da ƙwazo", siffofi sun sake shigowa. Idan ya tuna digirin amma ya kasa faɗin abin da kika yi, layi na biyu ne bai fito ba, galibi don lambar ta nutse a tsakiyar doguwar jimla ko kalmar aikin ta yi laushi. Ki gyara wannan layin kaɗai, ki gwada da wani mutum daban, domin na farko ya riga ya san amsar.

Allah ya ba da sa'a, ƙanwata, ya sa a kira ki.